Katin Cikar Shekarar Aure da Larabci: Yadda Miji Mai Ƙarancin Larabci Zai Rubuta Abin da Zai Shiga Zuciya

Auratayya tsakanin Hausawa da masu magana da Larabci tsohon abu ne. Akwai zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan, akwai Larabawan Shuwa na Borno da Chadi, akwai 'ya'yan Hausawa haifaffun Makka da Jidda, ga kuma ɗalibai da 'yan kasuwa da suka yi aure a Masar ko Khartoum. A gidaje da yawa irin waɗannan, matar tana jin Hausa, ana hira ana ciniki da ita, amma harshen da mahaifiyarta ta yi mata reno da shi Larabci ne. Shi kuwa maigidan Larabcinsa na makarantar allo ne da na sallah da ɗan abin da ya tsinta a tafiye-tafiye. Ranar da aurensu ya cika shekara, sai ya so ya rubuta mata 'yan kalmomi da harshenta.

Abin yana yiwuwa, kuma ba ya buƙatar mutum ya zama masanin nahawu. Layi shida ko bakwai sun isa, in dai kalmomin naka ne, da mace ake magana a cikinsu tun daga farko har ƙarshe, kuma haruffan sun zauna daidai. Yawancin katunan da ke lalacewa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare uku suke tuntuɓe.

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki misalin magidanci ɗan Kano wanda matarsa ta tashi a Omdurman, aurensu ya cika shekara 10, babban ɗansu kuma sunansa Ahmad.

Wane Larabci za a rubuta

Larabcin littafi, wato fusha, shi ne na jarida da huɗuba da wasiƙa, kuma duk wanda ya yi makaranta a ƙasashen Larabawa yana karanta shi. Larabcin gida kuwa, ammiyya ko darija, kowace ƙasa da nata. Ga wanda bai ƙware ba, fusha mai sauƙi ita ce hanya mafi aminci. Ƙa'idar rubutunta ɗaya ce ko'ina, kowane malamin Larabci zai iya duba maka ita, kuma tana da kwarjinin da ya dace da kati.

Ammiyya tana da daɗi a kunne, amma tana da tarko a takarda. Mutumin Sudan kan ce "baridik", ma'ana ina son ki. Idan aka rubuta ta haka, بريدك, mai karatun fusha zai ga kalmar da ke nufin "wasiƙunki na gidan waya". Matar da ta tashi a Omdurman za ta gane nan take, har ta ji daɗi, amma wadda ta tashi a Jidda za ta tsaya tana tunani. Saboda haka kada ka ɗauko kalmar wata ƙasa ka kai wa 'yar wata ƙasa. Idan akwai kalma guda da ka saba ji a bakinta ko a bakin 'yan gidansu, ka tabbatar da ma'anarta, sai ka ajiye ta a ƙarshen kati ita kaɗai. Sauran saƙon ya tsaya a fusha.

Da mace kake magana

A nan Bahaushe yana da sa'a, domin harshensa ma yana raba kai da ke. Larabci yana cewa anta ga namiji, anti ga mace. Abin da ke liƙe a ƙarshen kalma ma kusan irin namu ne: laka gare ka, laki gare ki, uhibbuka ina son ka, uhibbuki ina son ki. Wanda bai taɓa ce wa matarsa "gidanka" ba zai riƙe wannan ƙa'ida cikin minti ɗaya.

Matsalar tana zuwa ne daga rubutu. Larabawa ba sa sa wasali a rubutunsu na yau da kullum, don haka uhibbuka da uhibbuki kamanninsu ɗaya ne a takarda: أحبك. Mai karatu ne yake gane wanda ake nufi. A kati kuwa yana da kyau ka sa wasalin ƙasa, wato kasra, a ƙarƙashin harafin ƙarshe: أحبكِ da أنتِ da لكِ. Ba sai ka yi wa dukan saƙon wasali kamar allo ba, waɗannan wurare kaɗai suka wajaba. A allon rubutun Larabci na kwamfuta ana samun kasra da `Shift+A`. Kada kuma ka ƙara harafin ya a ƙarshe ka rubuta انتي, kamar yadda ake yi a saƙonnin waya. Wannan rubutun ammiyya ne, a fusha kuskure ne.

Akwai wurin da rashin wannan ɗan wasali yake juya magana gaba ɗaya. A ce maigidan namu ya so ya ce "kin yi haƙuri da yawa a waɗannan shekaru", sai ya rubuta صبرت كثيرا ba wasali. Waɗannan haruffa za a iya karanta su sabarti, kin yi haƙuri. Za a kuma iya karanta su sabartu, na yi haƙuri. Matar da ta buɗe kati ranar cikar aurenta ta ci karo da "na yi haƙuri da yawa a waɗannan shekaru" ba godiya za ta ji ba. Mafita biyu ce: ko dai ka sa kasra a ƙarƙashin ta, صبرتِ, ko ka kauce wa aikatau ɗin ka yi amfani da suna, ka ce shukran ala sabriki, na gode da haƙurinki.

Siffofi kuwa ko babu wasali suna nuna jinsi, domin na mace yana ɗauke da ta kuri. Zauji mijina ne, zaujati matata. Habibi na namiji ne, habibati na mace. Algali namiji mai tsada a zuciya, algaliya mace. Gaskiya ne a waƙoƙi da hirar gida ana ce wa mace habibi, amma a rubuce habibati ya fi tsafta. Wannan ita ce kuma hanyar gane saƙon da aka kwafo daga waya: da yawa daga cikinsu mata ne suka rubuta wa mazajensu. Idan ka ga زوجي ko الغالي babu ta, to wasiƙar wata ce zuwa ga mijinta.

Yadda za a kira ta, da yadda za a kira ranar

Girmamawa da kusanci duka a layin farko suke bayyana. Sayyidati da almuhtarama kalmomin ofis ne, sun fi dacewa da takardar neman aiki. Azizati ba laifi, sai dai ana buɗe wasiƙa da ita ga kowace mace da aka sani, ba ta nuna cewa wannan matarka ce. Sadiƙati kuwa ƙawa ce, a wasu wuraren ma budurwa. A ɗaya gefen akwai kalmomin soyayya masu zafi irin su ishƙi da garam. Ka tuna kati abin ajiyewa ne a kan madubi ko kabad, inda surukarka da 'ya'yanka za su iya ɗauka su karanta. Tsaka-tsakin da ya haɗa mutunci da ƙauna shi ne zaujatil galiya, matata mai daraja a zuciyata, ko rafiƙatu umri, abokiyar rayuwata.

Larabawa suna girmama mace da alkunya, wato a kira ta da sunan babban ɗanta: Ummu Ahmad. A nan al'adu biyu sun sha bamban. A gidajen Hausawa da yawa ana jin nauyin ambaton sunan ɗan fari, a wurin Larabawa kuwa wannan kira shi ne karramawa. Idan 'yan'uwanta da shi suke kiranta, to ka sa shi. Idan Allah bai ba ku haihuwa ba tukuna, ka bar alkunya ka rubuta sunanta, kada ranar farin ciki ta taɓo inda ke ciwo.

Ita ranar tana da suna biyu: idu zawajina da zikra zawajina. Na farkon ya yaɗu ƙwarai a bakin jama'a. Amma akwai malamai da gidaje da ba sa son a kira wata rana idi bayan ƙaramar Sallah da babba, wasu ma ba sa ganin dacewar bikin cikar shekara ɗungurungum. Kai ka san gidan da matarka ta fito. Zikra, wato tunawa, ba ta ɗauke da wannan nauyi, don haka ita ta fi kwanciyar hankali. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka raba ta da kalmar zawaj. Zikra ita kaɗai, ko assanawiyya, ana amfani da su wajen tunawa da mamaci idan ya cika shekara, musamman a Masar.

Sai ƙidaya, wadda ko Larabawa kan yi tuntuɓe a kanta. Daga 3 zuwa 10 lamba tana saɓa wa jinsin abin da ake ƙirgawa: ana cewa ashru sanawat amma asharatu a'awam, duka biyun shekara goma ke nan. Daga 11 zuwa 99 kuma abin ƙirgawar yana komawa tilo, sana ko aman. Hanyar tsira ita ce amfani da jeri: zikra mace ce, don haka al'ula ta farko, assaniya ta biyu, alkhamisa ta biyar, al'ashira ta goma. Idan shekarun sun wuce goma, rubuta lamba ka bi ta da kalmar سنة. Ka dai lura da lambobin gabas: sifili ɗigo ne, biyar kuma da'ira. Goma ita ce ١٠, sha biyar ١٥. Wanda ya zana sifilinsa zagaye kamar na boko ya ƙara wa aurensa shekara biyar.

Katin da kansa

Kafin ka taɓa Larabci, rubuta abin da kake son faɗa da Hausa, a gajerun jimloli, kowace da magana ɗaya. Karin magana da habaici ba sa tsallaka harshe lafiya a hannun wanda bai ƙware ba, don haka a ajiye su. Ginin da ya dace shi ne kira, gaisuwar ranar, godiya ga Allah, abu guda na musamman da ta yi, amincewa da ƙarancin harshe, addu'a, sa hannu. Ga yadda na maigidanmu zai kasance.

إلى زوجتي الغالية أم أحمد،
Ila zaujatil galiya Ummi Ahmad. Zuwa ga matata mai daraja, Ummu Ahmad.

اليوم ذكرى زواجنا العاشرة، وكل عام وأنتِ بخير.
Alyauma zikra zawajinal ashira, wa kullu amin wa anti bikhair. Yau aurenmu ya cika shekara goma, Allah ya maimaita mana kina cikin alheri.

أحمد الله الذي جعلكِ رفيقة عمري.
Ahmadul laha allazi ja'alaki rafiƙata umri. Ina gode wa Allah da ya sanya ki abokiyar rayuwata.

تركتِ أهلكِ وبلدكِ من أجلي، ولن أنسى ذلك.
Tarakti ahlaki wa baladaki min ajli, wa lan ansa zalik. Kin bar danginki da ƙasarki saboda ni, ba zan manta da wannan ba.

لغتي العربية ضعيفة، ولكن حبي لكِ قوي.
Lugatil arabiyya la'ifa, wa lakinna hubbi laki ƙawiyy. Larabcina mai rauni ne, amma son da nake miki mai ƙarfi ne.

أسأل الله أن يحفظكِ وأن يديم المودة بيننا.
As'alul laha an yahfazaki wa an yudimal mawaddata bainana. Ina roƙon Allah ya kiyaye ki, ya dawwamar da ƙauna a tsakaninmu.

زوجكِ المحب
Zaujukil muhibb. Mijinki mai ƙaunarki. Sai suna a ƙasa.

Layi na huɗu shi ne ran katin. Sauran layukan kowane miji zai iya rubuta su, wannan kuwa na mace ɗaya ne, wadda ta bar Omdurman ta zo ta koyi zaman Kano, ta yi azumi da Sallah nesa da mahaifiyarta. Kowane miji ya nemo nasa: jinyar da ta yi wa tsohuwarsa, ko shekarar da kasuwa ta karye ba ta ɗaga murya ba. A faɗe shi da kalmomi biyar ko shida, ba ado.

Layi na biyar kuma yana sauke wa marubucin kaya. Ita ta san iyakar Larabcinka fiye da kowa, tana jin sa kullum. Idan ka miƙa mata shafi cike da saja'i da kalmomin da ba ka taɓa furtawa ba, za ta gane na wani ne tun a layin farko, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Idan kuwa ka faɗi rauninka a jimla ɗaya, duk ɗan kuskuren da ya saura zai zama shaidar cewa hannunka ne ya rubuta. Sau ɗaya ya isa, kada katin ya koma takardar ban haƙuri.

Kalmar mawadda da ke cikin addu'ar tana da asali da kowace Musulma za ta gane, domin ita da rahama aka ambata game da ma'aurata a aya ta 21 ta Suratur Rum. Wasu kan so su rubuta ayar gaba ɗaya. Wanda zai yi haka ya kwafo ta daga Mus'hafi harafi da harafi, ba daga ka ba, ya kuma tuna cewa takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba a yar da ita ba a bar ta a ƙasa. Addu'ar da ake yi wa ango ranar ɗaurin aure kuwa ba ta wannan wuri ba ce: wani ne yake yi wa ma'aurata ita, kuma da namiji take fara magana. Idan matar Kirista ce, misali daga Masar ko Lebanon, wannan kati zai yi mata yadda yake, domin Kiristocin Larabawa ma Allah suke cewa. Aya ce kawai za a bari.

Inda bakinmu da allonmu ke yaudarar alƙalami

Bahaushe yakan rubuta Larabci yadda yake furta shi, kuma akwai haruffan da bakinmu ya haɗe su. Zal da zaira duka z muke cewa, amma zikra da zal take, ذكرى, zawaj kuma da zaira, زواج. Sabr da sodi yake, صبر, ba da sin ba. Lodi muna karanta shi kamar l, shi ya sa a sama aka rubuta la'ifa, amma a takarda ضعيفة ce. Mafi haɗari shi ne ƙaf da kaf lasan. Ƙalbi da ƙaf, قلبي, zuciyata ke nan. Da kaf, كلبي, karena. Duk wanda zai sa wannan kalma a kati ya dube ta sau biyu.

Akwai kuma abin da ya shafi wanda ya koyi rubutu a allo. A rubutun Alƙur'anin da muka gada, na riwayar Warshu, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun da makarantun Sudan da Masar da Saudiyya suke koyarwa, fa ɗigo ɗaya ce a sama, ƙaf ɗigo biyu. Idan ka rubuta ƙaf irin ta allo, matarka fa za ta gani, rafiƙa da ƙawiyy su zama kalmomin da ba ta sani ba. Haka nan ta kuri tana buƙatar ɗigonta biyu, in babu su ta koma ha.

Rubutun hannu ya fi, ko da bai yi kyau ba. Ja layi da fensir, fara daga dama, gwada a wata takarda sau biyu ko uku kafin ka taɓa katin. Katin Larabci ma daga dama ake buɗe shi, kamar Mus'hafi. Idan kuwa bugawa za a yi a shago, kada ka biya sai ka ga gwaji a takarda. Wasu manhajojin zane ba su san Larabci ba, sai su warware haruffan su jera su daga hagu. Alamar a fili take: haruffan Larabci a sarƙe suke, shida ne kawai ba sa kama na bayansu, wato alif da dal da zal da ra da zaira da wau. Idan ka ga kowane harafi ya tsaya shi kaɗai, ko kalmar إلى ta koma ƙarshen layi ta hagu, aikin ya ɓaci. Maganinsa shi ne ka rubuta a wayarka, ka ɗauki hoton rubutun ko ka mai da shi PDF, a buga shi yadda yake.

Kafin a rufe ambulan

Da ɗan gari akan ci gari. Nemi wanda ya san harshen ya duba maka, malamin Larabci ko wata 'yar'uwarta mai riƙon sirri. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, domin zai ce ya yi, ko kuma ya karɓe alƙalami ya mai da shi huɗuba. Yi masa tambayoyi uku: shin kowane layi da mace yake magana, akwai harafin da ya kauce, akwai kalmar da ke da wata ma'ana a ƙasarsu. Ka roƙe shi ya gyara kuskure kawai, ya bar jimlolin yadda ka gina su.

Ka kuma tabbatar da ranar. Idan da watan Musulunci gidansu suke lissafi, shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka a shekara 10 ranakun biyu sun rabu da fiye da wata uku. Rubuta kwanan watan da ita take riƙe da shi, ka sa هـ a bayan shekarar Hijira ko م a bayan ta Miladiyya.

Abu na ƙarshe, ka koyi karanta katin da bakinka. Mai yiwuwa ta ce ka karanta mata, kuma a nan ne za a gane ko ka san abin da ka sa wa hannu. Jimlar da ka kasa furtawa ko ka kasa fassarawa da Hausa, cire ta tun kafin ka rubuta, ko da katin zai rage layi huɗu. Idan ta gyara maka wani wasali tana dariya, ka ce ta rubuta maka daidai a bayan katin, ka ajiye shi, da shi za ka fara na baɗi.